Layi Goma Sha Ɗaya da Kwamfuta Ta Haɗiye

Shekarar da na fara aiki a wani ƙaramin asibiti a Anka, ban yarda akwai wanda ya kai ni ilimi ba tsakanin Gummi da Bukkuyum. Ina da difloma a kwamfuta, ina da jakar ratayawa, ina kuma da tabarau wanda ba likita ne ya rubuta mani shi ba. In na shigo da safe sai na tsaya na goge allon kwamfuta da hankici, a hankali, yadda duk wanda ke zaune a benci zai gani. Tsofaffin mata suna ce mani likita, ni kuwa ban taɓa gyara masu ba.

Aikina bai kai wannan taƙamar ba. Asibitin yana bin yaran da aka samu gubar dalma a jininsu, irin wadda ke shiga gidaje ta hanyar dutsen zinari da ake daka ana niƙawa. Yaro in ya sha magani ya gama, dole a sake ɗibar jininsa a ga ko gubar ta sauka, in ba ta sauka ba a sake ba shi wani. Ni aka ɗora wa fitar da sunayen yaran da lokacin sake gwajinsu ya yi. In na fitar, sai a ba mai babur takardar ya bi ƙauyuka yana kira. Wanda sunansa bai fito ba, babu mai zuwa ƙofar gidansu. A cikin yaran akwai wata yarinya 'yar shekara uku daga wata ruga kusa da Adabka, wadda ta gama shan magani tana jiran kira. A lokacin ban san da ita ba, lamba ce kawai a cikin lambobi.

Garuruwan uku, Anka da Gummi da Bukkuyum, kowanne yana da ma'aikacin da ke cika nasa jadawalin a kwamfuta, irin shafin nan mai gida-gida: kowane yaro layi guda, a layin akwai gidan lamba, gidan ƙauye, gidan kwanan wata, gidan sakamakon gwaji, na ƙarshe kuma gidan bayani. Hajiya, babbar nas da ke shugabancinmu, ta gaji da buɗe jadawali uku, ta ce in haɗe su a tebur guda a cikin rumbun bayanai, yadda za a riƙa tambayarsa yana ba da amsa. Wanda na gada ya bar wani maɓalli da ya ƙirƙira da kansa, in ka danna shi sai ya kwashe jadawalin uku ya zuba su a fayil ɗin rubutu guda, kowane gida waƙafi ya raba shi da na kusa. Har ya yi dabarar cire duk waƙafin da ke cikin gidan bayani don kada ya rikita rabon. Na duba aikinsa na taɓe baki, na ce ba laifi dai. Na danna, fayil ya fito.

Hajiya ta tambaye ni kwana nawa zai ɗauka.

Na ce, "Hajiya, kahin a kira azahar kin ga abinki."

Ta dube ni ta saman gilashinta, nata na gaske, ta ce, "Allah shi ba da sa'a."

An kira azahar ɗin kwana huɗu ban gama ba. Abin da ya fara tare ni kwanan wata ne. Teburin ya karɓi wasu ya tofar da wasu, ya ce babu wata na goma sha bakwai a duniya. Na ce ai ni ma na sani. Da na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya sai na gano inda gizo ke saƙa. Mutumin Anka yana fara rubuta rana sannan wata, yadda aka koya mana a makaranta. Kwamfutar Gummi kuwa kyauta ce daga wata ƙasa, saitinta wata take sa wa gaba sannan rana. Wanda ya wuce sha biyu shi ne mai sauƙi, don yana kuka da kansa. Mugun shi ne irin 03/04, wanda ke shiga shiru ba gardama, alhali a Anka uku ga Afrilu ne, a Gummi huɗu ga Maris. Wata guda cur tsakaninsu, kuma babu abin da zai nuna maka.

Nan dai na yi abin kirki, ba zan hana kaina ba. Na ware layukan kowane gari daban. Na ga a na Gummi duk lambar da ta haura sha biyu a tsakiya take zama, a na Anka kuma a farko, na kuma ɗauko littafin rajista na takarda na gwada guda ashirin, suka yi daidai. Sai na mayar da su duka siga ɗaya, shekara, sannan wata, sannan rana, wadda ba ta da fuska biyu. Na Bukkuyum rana ce a gaba kamar namu, sai dai Malama, dattijuwar da ke cika jadawalin can, wani lokaci takan rubuta abin da uwar yaro ta faɗa mata kawai: bayan ƙaramar salla, ko ran kasuwar da ta wuce. Waɗannan na buɗe masu gida na dabam na zuba su yadda suke, na sa alamar a tambaye ta.

Da na gama wannan ai sai kaina ya ƙara girma. Na tare mai shara na yi masa bayanin kwamfutar Gummi, na tare mai gadi, har mai kawo mana ƙosai sai da ta ji. Babu wanda ya tambaye ni a cikinsu.

Sai kuma gidajen da babu komai. Na tsara gidan sakamako ya karɓi lamba zalla, to in ya iske wofi tsakanin waƙafi biyu sai ya tsaya cak, ya ce wannan ba lamba ba ce. Ya yi mani haka sau uku, raina ya ɓaci. Ni mutum ne da ba na son ganin rami a aikina. Na ce duk gidan da babu komai a cika shi da sifili. Nan take komai ya shige sumul, tebur ya cika fal, babu giɓi ko ɗaya. Na buga takarda na kai wa Hajiya ina tafiya kamar ango.

Ta bi takardar da biro, ta tsaya a wani wuri.

"Malam, wanga yaro na Tungar Guru, yaushe anka gwada shi?"

Na ce ga shi nan, sifili, jininsa tas.

"Yaron ga uwatai ba ta kawo shi ba ko sau guda tun da yag gama magani. Ni nit tura a yi mata magana." Ta juya shafi. "Wanga ma hakanan. Kuma tun da nike aikin ga, injin gwajinmu bai taɓa ba da sihili ba. Kai ka warkar da su da hannunka?"

Akwai mata biyu a ɗakin suna jiran allura, ɗaya ta rufe baki da gyale. Ashe da dannawa guda na sallami yara fiye da talatin da ba a taɓa sake gwadawa ba, na ba su shaidar lafiya. Wofi yana nufin ba mu sani ba, sifili kuwa yana nufin mun duba mun ga babu. Na san wannan, an koya mani, har na ci shi a jarrabawa. Na koma na gaya wa mai shigar da bayanan, wato sashen kwamfutar da ke zuba fayil a tebur, cewa in ya iske wofi ya bar shi a matsayin ba a sani ba, na kuma sa teburin ya riƙa fito da irin waɗannan yaran a saman takarda, tunda su suka fi buƙatar kira. Aikin minti goma ne. Kunyar ce ta kai mako.

Bayan wannan na ɗauka kan mage ya waye. Na sake shigar da fayil ɗin, bai yi kuka ko sau ɗaya ba, ya ce an gama lafiya. Na duba kwanan wata, na duba wofi, na duba sama na duba ƙasa. Hajiya ta bi takardar ba ta sami abin cewa ba, don abin da ke kan takarda duk daidai ne. Mai babur ya karɓa ya tafi. Yara suka yi ta zuwa, ina zaune ina karɓar gaisuwa.

Malama ba ta nan a lokacin, ta tafi Gummi wajen ɗiyarta da ta haihu. Ran da ta dawo ba ta ko tsaya Bukkuyum ba sosai, ta hau mota ta zo Anka don a daidaita kwanakin nan na bayan salla da na ce a tambaye ta. Mace ce gajera mai ɗan ƙiba, ba ta ɗaga murya, tana yawo da tsohon littafi a cikin leda. Muka gama kwanakin, sai ta ce in ba ta takardar kiran ta gani. Ta karanta har ƙasa, ta koma sama.

"Ɗana, ina yarinyar ruga ta Adabka?"

Na ce in ba ta fito ba, lokacinta ne bai yi ba. Na faɗi haka da muryar mai ilimi.

"Lokacinta ya wuce da kwana tara. Ni nic ce ma uwatta kada ta ɗaga daga wurin sai mun kira ta. Su kuwa tashi za su yi, an gama cin karan gona."

Ta karanto mani lambar yarinyar daga littafinta. Na buga a tebur, babu. Na sake bugawa a hankali, kamar lambar za ta ji tausayina, babu. Ta karanto ta gaba da ita, babu. Ta bayanta, babu. Na ce wataƙila ba ta shigar da su ba tun farko. Ta miƙo mani filashinta, ɗan abin nan da ake ajiye bayanan kwamfuta a ciki. Na buɗe jadawalin Bukkuyum, ga su nan reras, kowa a layinsa.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko, na ƙirga. Jadawalin uku in an haɗa, yara ɗari huɗu da goma sha biyu. Teburina, ɗari huɗu da ɗaya.

Na buɗe fayil ɗin rubutun tsurarsa, na nemo lambar yarinyar, tana nan. To fayil yana da ita, tebur ba shi da ita, a wajen shiga ke nan ta salwanta. Na koma teburin na nemo yaro na ƙarshe da ya shiga kafin ɓatattun, na danna gidan bayaninsa. A fuska layi ɗaya yake nunawa, maganar uwarsa ce: ba ya cin abinci sai ƙasa. Da na buɗe gidan gaba ɗaya sai ga yara goma sha ɗaya a dunƙule a ciki, da lambobinsu da ƙauyukansu da kwanakinsu, kamar an cusa su a buhu an ɗaure baki.

Ga yadda abin ya faru. Malama tana da al'adar rubuta maganar uwa yadda ta fito daga bakinta, ta sa ta tsakanin alamar zancen wani, 'yan ƙahonnin nan biyu da ake sa wa a farkon magana da ƙarshenta. A wannan layin ta buɗe ba ta rufe ba. A jadawalinta wannan ba komai ba ne, ɗan tabo ne a cikin gida. Amma ga mai shigar da fayil irin wannan, in gida ya fara da alamar nan, ma'anarta duk abin da ya biyo baya gida guda ne, ko waƙafi ne ko sabon layi, har sai an sake cin karo da wata. Haka ya yi ta haɗiya, layi bayan layi, sai da ya kai inda Malama ta sake ɗauko maganar wata uwar, layi goma sha ɗaya a ƙasa, ya ɗauki wannan a matsayin rufewa. Kuma da yake gidan bayani shi ne na ƙarshe, yawan gidajen layin bai canza ba, shi ya sa bai yi kuka ba. Da ta hanyar da jadawalin ya tanada aka fitar da fayil ɗin, da shi da kansa ya naɗe gidan ya ninka alamar yadda ba za ta ruɗi kowa ba. Maɓallin wanda na gada ya tuna da waƙafi ya manta da wannan, ni kuma da na taɓe wa aikinsa baki ban tuna da ko ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji mutane.

Abin kunya, ko a nan sai da na nemi wanda zan jingina wa. Na juya allon na nuna wa Malama, na ce ga inda ta buɗe ba ta rufe ba.

Ta sunkuya ta duba. "Awo, na gani. Ina jin kirana anka yi ina cikin rubutu." Ta miƙe. "Amma ɗana, ko dami ai ana ƙirga shi a gona, a sake ƙirgawa bakin rumbu. Kai ba ka ƙirga ba?"

Ban ƙirga ba. Na iya bambance Maris da Afrilu a kwamfutar wata ƙasa, na kasa yin abin da kowane manomi ke yi ba tare da difloma ba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan ranar ba.

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Na bar maɓallin nan, na fitar da kowane jadawali da kansa ta hanyar da ta dace, na shigar da su duka a matsayin rubutu zalla tukuna, na ƙirga, ɗari huɗu da goma sha biyu, sannan na juya kwanakin da lambobin na sake ƙirgawa. A cikin goma sha ɗayan, bakwai lokacinsu ya riga ya yi. Shida 'yan gari ne, suna gidajensu, mai babur zai same su gobe ko jibi. Ta bakwai ce ba ta da gari.

Hajiya ba ta yi mani faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ce kawai, "Gobe da sahe ka hau bayan mai babur. Kai za ka tai ka kira ta."

Muka kama hanya bayan sallar asuba. Wanda bai taɓa zuwa Adabka a bayan babur ba bai san yawan ƙasusuwan da ke jikinsa ba. Ni da jakar ratayawata muka yi ta tashi muna sauka, na cire tabarau na sa a aljihu tun kafin mu yi nisa. Duk hanya ina tsara abin da zan faɗa in mun iske sun tashi: laifin maɓalli, laifin wanda na gada, laifin Malama. Da muka iso gonar da suka yi zango, sai muka tarar da abin da nake tsoro. Babu saniya ko ɗaya, sai kashinsu da ya bushe da turaku da tokar murhu.

Mai gonar yana can gefe yana ɗaure kara. Na tambaye shi yaushe suka tashi, ya ce yau kwana shida. Na tsaya ban san inda zan sa kaina ba. Sai ya ce, "In matar nan mai ɗiya kuka biɗa, tana gidana. Ita ba ta bi su ba."

Ya kai mu. A wani ɗan ɗaki kusa da rumbu muka same ta, doguwa siririya, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba, yarinyar tana maƙale da zanenta. Kayanta duka a ɗaure suke a ƙofar ɗaki, ƙwarya a kan ƙwarya. Matar mai gonar ta ce tun ran da ta zo ba ta kwance su ba, kullum da hantsi takan fita bakin hanya ta tsaya, in ta ji babur ta leƙa. Mijin ya yi faɗa, ya jira kwana uku, shanu suka fara ramewa, ya kaɗa su ya yi kudu da sauran yaran biyu, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba. Ita ta ce an ce kada ta ɗaga.

Da ta ga takarda a hannuna sai fuskarta ta washe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce likita sannu da hanya.

Na ce, "Ni ba likita ba ne. Ni ne mai rubuta sunaye. Tun kwana goma ya kamata a kira ki, ni na ɓatar da sunan ɗiyarki."

Wannan ne karo na farko da na gyara wa wani. Ta dube ni, ban tabbata ta gane ba, ko ta gane ba ta ga amfanin maganar ba.

"Ai na san za ku zo," in ji ta. "Malama tac ce an sa ta cikin na'ura, na'ura ba ta mantuwa."

Mai babur ya kawar da kai.

Muka samo mata wani babur, muka dawo Anka tare. Aka ɗebi jinin yarinyar, ta yi kukanta ta gama, Hajiya ta duba injin ta ce gubar ta sauka, ba sai an sake magani yanzu ba, amma a kawo ta in sun dawo da damina. Ta rubuta mata takardar da za ta nuna a duk asibitin da ta samu kusa. Matar ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zane, ta goya yarinyar, ta ɗora ƙorenta a ka.

Na raka ta tasha, don ban san abin da zan yi da ƙafafuna ba. Na tambaye ta ko ta san inda mijin ya kai yanzu. Ta ce ba ta sani ba, amma za ta sauka Gummi ta tambayi masu sayar da nono, shanu ba sa wucewa ba a gan su ba. Na tambaye ta kwana nawa za ta yi kafin ta cim masu.

Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "Da ran da sunka tashi ne, da tare mu ke. Yanzu sai yadda Allah Ya yi." Ta gyara goyonta. "Ƙaramin na nika tunani, bai saba kwana ba ni ba."

Mota ta cika, ta shiga ta zauna a baya da ƙwarya a cinya. Ta leƙo ta taga ta yi mani godiya har sau biyu, ta ce Allah Ya saka da alheri da na taho da kaina.